Jarka ɗaya a rana: yadda kotun Afirka ta Kudu ta ƙi yanke wa gwamnati iyakar "sannu a hankali"

Lita 25 ita ce jarka ɗaya, irin ruwan ɗorawar nan da 'yan garuwa ke jerawa a kura. A Afirka ta Kudu, wannan jarkar ce doka ta ɗauka a matsayin ruwan da ya kamata kowane mutum ya samu a rana, ko da ba shi da ko sisi. A kanta aka yi shari'ar da ta taso daga unguwar Phiri a Soweto, cikin birnin Johannesburg, ta bi kotuna uku, kowacce ta ba da amsa daban. Wanda ya fahimci wannan shari'a ya fahimci gardamar da lauyoyin haƙƙin ɗan Adam suka shafe shekara sama da talatin suna yi a kan abu biyu: damar da aka ba gwamnati ta cika haƙƙoƙin rayuwa sannu a hankali, da kuma mafi ƙarancin wajibin da ake cewa ba ya jiran gobe.

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wadda aka amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976. Ita ce ta ƙunshi haƙƙin abinci da muhalli da lafiya da ilimi da aikin yi. Tana da 'yar'uwa da aka haifa rana ɗaya, wato yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, amma ba a yi musu tarbiyya iri ɗaya ba. Ta siyasar ta ce wa gwamnati kada ta azabtar, kada ta tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma daga yau ɗin nan. Ta tattalin arzikin kuwa, a sashe na 2 sakin layi na 1, cewa ta yi kowace ƙasa ta ɗauki matakai, iyakar ƙarfin dukiyar da take da ita, da nufin kaiwa ga cikar haƙƙoƙin a hankali a hankali.

Dalilin sassaucin ba ɓoyayye ba ne. Ba a gina asibiti da sa hannu a takarda, kuma ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, da likitocinta ba su cika ɗakin taro ɗaya ba, da an ce ta ba kowa lafiya nan take da ba ta shiga yarjejeniyar ba. Sai dai kowa ya san yadda ake yi da irin wannan rangwame. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Gwamnatoci da yawa sun riƙe rabin farko na karin maganar, suka mayar da "a hankali" ta zama "sai ranar da muka ga dama".

Kwamitin masana goma sha takwas da ke sa ido kan yarjejeniyar ne ya yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, a sharhinsa na gama-gari mai lamba 3 a shekarar 1990. Mafi sauƙin hanyar fahimtar abin da ya ce ita ce a ɗauki abin a matsayin bashi. An yarda mai bashi ya biya kaɗan-kaɗan, amma wannan bai mayar da bashin kyauta ba. Dole ya fara biya ba da jimawa ba, dole a ga yana ragewa, kuma ba zai dawo ya karɓe abin da ya riga ya biya ba sai da ƙwaƙƙwarar hujja. Wannan na ƙarshen shi ake kira haramcin koma-baya: gwamnatin da ta soke maganin kyauta ko ta dawo da kuɗin makarantar firamare, ita za ta yi bayanin dalili. Akwai kuma abin da ba a biya kaɗan-kaɗan sam, kamar hana wariya. Ba za ka ce za ka daina ware 'yan mata daga makaranta a hankali ba.

Sai kuma kafin alƙalami. A sakin layi na 10 kwamitin ya ce kowane haƙƙi yana da wani mafi ƙarancin mataki da ya wajaba a samar tun yanzu. Ƙasar da mutane masu yawa a cikinta ba su da abincin tsira da rai, ko kulawar lafiya ta matakin farko, ko wurin fakewa, ko karatun tushe, to a kallon farko ta gaza cika alƙawarinta. Kalmar "a kallon farko" tana da muhimmanci, domin kwamitin bai rufe ƙofar uzuri ba. Ya ce idan gwamnati tana son ta fake da rashin kuɗi, sai ta nuna cewa ta yi iyakar ƙoƙarinta da duk abin da ke hannunta, kuma ta sa wannan mafi ƙarancin a gaban komai. Wanda ya taɓa zama a kotun shari'a lokacin ƙarar ciyarwa ya san irin wannan tsari. Ciyar da iyali gwargwadon halin miji ne, ba a ɗora wa leburan kasuwa abin da ake ɗora wa attajiri, amma "gwargwadon hali" ba ya nufin a bar mace da yunwa, kuma idan miji ya ce ba shi da shi, alƙali ba ya ce masa to shi ke nan, sai ya bincika.

Shekara goma bayan haka, a sharhi na 14 kan lafiya, kwamitin ya ƙara ɗaure igiyar, ya ce babu wani hali da zai zama uzurin ƙin cika wajibai na tushe. Ka ga an sami magana biyu daga baki ɗaya: a 1990 uzuri na yiwuwa idan an kawo hujja, a 2000 babu uzuri. Wannan saɓani yana daga cikin abin da ya sa alƙalai ke ɗari-ɗari da ra'ayin.

Afirka ta Kudu ce wurin da aka fi gwada shi, saboda kundin tsarin mulkinta na 1996 ya sa haƙƙin muhalli a sashe na 26, na lafiya da abinci da ruwa a sashe na 27, kuma ya bar ƙofar kotu a buɗe ga mai ƙorafi. Sai dai ya ɗauko sharaɗin nan kusan kalma da kalma: gwamnati ta ɗauki matakan da hankali zai karɓa, cikin dukiyar da take da ita, don cika haƙƙin a hankali.

Gwaji na farko mai girma shi ne shari'ar Irene Grootboom a shekarar 2000. Ita da mutane kusan 900, fiye da rabinsu yara, sun bar matsattsiyar unguwar Wallacedene kusa da Cape Town suka kafa bukkoki a filin wani, aka zo aka rushe, suka koma filin wasanni suna kwana ƙarƙashin leda ga damina da sanyi. Masu taya kotu da shawara suka roƙi Kotun Tsarin Mulki ta ce akwai mafi ƙarancin muhalli da kowa zai iya nema yanzu. Mai shari'a Yacoob ya ƙi. Ya ce bukatun mutane sun bambanta, wani fili yake nema, wani fili da gini, wani tallafin kuɗi, kuma kotu ba ta da bayanan da za ta yanke wannan. Amma duk da haka gwamnati ta faɗi, domin tsarinta na gidaje, duk da yawan gidajen da yake ginawa, bai tanadi komai ba ga wanda ba shi da rufi a daren yau. Tsarin da ya manta da wanda ya fi kowa shiga uku, in ji kotu, hankali ba zai karɓe shi ba. Hukuncin ya haifar da shirin gidajen gaggawa bayan 'yan shekaru. Ita kuwa Grootboom ta rasu a 2008 tana cikin bukkarta, kuma wannan ne abin da masu goyon bayan mafi ƙarancin wajibi ke nunawa da yatsa har gobe.

To, mu koma kan jarkar. Gidajen Phiri sun daɗe suna samun ruwan famfo ba tare da mita ba, ana cajin su kuɗi ƙayyadadde kamar sun sha lita 20,000 a wata. Bututan sun tsufa, ruwa mai yawa yana zurarewa a ƙasa, kuma kaɗan ne ke biya. Sai hukumar ruwan birnin Johannesburg ta fito da sabon shiri wajen 2004: a sauya bututai, a sa mita mai kati, kowane fuloti a ba shi lita 6,000 kyauta a wata, da zarar sun ƙare famfo ya ɗauke sai an sayi kati.

Lissafin gwamnati ga yadda yake. Lita 6,000 a raba kwana 30, lita 200 ke nan a rana, wato jarka takwas. Idan gidan na mutum takwas ne, kowa ya sami jarkarsa ɗaya. A takarda babu aibi, har ma ga yawancin gidajen birnin da ba su kai mutum takwas ba, akwai rara. Matsalar ita ce mitar ba ta ƙirga kawuna, fuloti take gani. A Soweto kuwa, kamar a gidajen haya na kowane babban gari, fuloti ɗaya yakan ɗauki babban gida da 'yan ɗakunan baya cike da 'yan haya. Lindiwe Mazibuko, wadda sunanta ya hau kan shari'ar, mutum kusan ashirin ne a fulotinsu. Raba lita 200 ga mutum ashirin, kowa ya tashi da lita 10. Idan kuwa kowa ya yi amfani da jarkarsa cikakkiya, ruwan watan zai ƙare a rana ta goma sha biyu. Ƙari a kan haka, bandakunan Phiri na zuba ruwa ne, kuma kora ɗaya a tsohon tanki tana iya cinye kusan lita goman nan gaba ɗaya. A cikin bayanan da aka gabatar wa kotu har da labarin gobarar da ta tashi a wani ɗakin baya, famfo ya ɗauke ana tsaka da kashe wuta, yara biyu suka rasu.

Masu ƙarar suka ce lita 25 ma ba ta isa ba, lita 50 ce mafi ƙaranci. Ba daga iska suka ɗauko adadin ba. Masanin ruwa Peter Gleick, wanda ya ba da shaida, ya daɗe da kasa shi kamar haka: 5 na sha, 10 na girki, 15 na wanka, 20 na bandaki. Babbar Kotu a 2008 ta yarda da su, ta ce lita 50. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta auna shaidar masanan ɓangarorin biyu ta ce 42. Sai Kotun Tsarin Mulki a watan Oktoba na 2009, ta bakin Mai shari'a O'Regan, ta soke duka biyun, ta ce ba aikin kotu ba ne ta faɗi adadi. Mazibuko ba ta ga wannan hukunci ba, ta rasu kafin a kai nan.

Mutane da yawa sun ɗauki hukuncin a matsayin cin amanar talaka, amma hujjojinsa sun cancanci a saurare su. Na farko, isasshen ruwa ba adadi ɗaya ba ne. Mai bandakin zuba ruwa da mai masai ba bukatarsu ɗaya ba, haka gidan da ke jinyar mai cutar ƙanjamau da gidan da kowa ke lafiya. Na biyu, a daidai lokacin da mutanen Phiri ke neman a ninka musu, akwai dubban gidaje a matsugunan gefen birnin da ko famfon unguwa ba su da shi a kusa. Idan kotu ta umarci lita 50 ga mai famfo a gida, kuɗin daga wani wuri za a ciro shi, kuma mai yiwuwa daga rabon wanda bai kai ƙara ba. Ga fuloti irin na Mazibuko kaɗai, lita 50 na nufin lita 30,000 a wata, ninki biyar na abin da ake bayarwa. Na uku, alƙalin da ya ce 50 da wanda ya ce 42 sun nuna da kansu cewa adadin ya danganta da masanin da ka fi gaskatawa. Akwai kuma tsoron da su kansu masu fafutuka ke da shi, cewa duk abin da aka kira mafi ƙaranci, gwamnati za ta mayar da shi mafi yawa, ta ba da jarka ɗaya ta kaɗe hannu.

Abin da kotun ta bayar a madadin adadi shi ne tambayoyi. Shin gwamnati ta ɗauki mataki ko ta zauna? Shin tsarinta ya tanadi wani abu ga mafi galabaita? Shin ya ware wasu ba gaira ba dalili, kamar yadda aka gani a shari'ar 2002 lokacin da gwamnati ta taƙaita maganin nebirafin, mai hana uwa shafa wa jariri ƙanjamau, ga cibiyoyin gwaji biyu kacal a kowane lardi alhali kamfanin da ke haɗa shi ya ba da shi kyauta? Shin tana sake duba tsarin ko ta kafe? A kan wannan na ƙarshen birnin ya tsira, domin ana cikin shari'ar ya ƙara lita 4,000 ga gidajen da suka yi rajistar marasa galihu, kuma ya ci gaba da gyare-gyare. Kotu ta ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa "a hankali" ɗin yana tafiya.

A nan ne nake ganin kotun ta yi rabin gaskiya. Ta yi daidai da ta ƙi zama hukumar ruwa. Amma ta ɗauka cewa mafi ƙarancin wajibi yana nufin alƙali ya ƙirƙiro lamba, alhali ƙarfin ra'ayin, kamar yadda aka rubuta shi a 1990, yana wani wuri dabam: a kan wa nauyin kawo hujja yake. A ƙarƙashin gwajin "abin da hankali zai karɓa", matar da ke samun lita 10 ita ce za ta nemo lauyoyi da masana ta tabbatar cewa tsarin birni guda ba shi da ma'ana. A ƙarƙashin mafi ƙarancin wajibi, ya ishe ta ta nuna cewa tana ƙasa da layin, daga nan magana ta koma kan gwamnati ta buɗe littafin kasafi ta nuna inda kuɗin ya tafi da abin da ya fi wannan gaggawa. Kuma a wannan shari'ar ba a ma bukatar kotu ta ja layin. Gwamnati da kanta ta ce jarka ɗaya ga kowane mutum, sannan ta zaɓi hanyar rabo da ta san za ta bar gidaje masu cunkoso, waɗanda su ne mafi talauci, ƙasa da rabin jarka. Birnin ya ce ƙirga mutanen kowane fuloti yana da wuya da tsada, kotu kuma ta karɓa. Uzurin wahalar aiki ne, ba na rashin ruwa ba, kuma da an auna shi da ma'aunin sakin layi na 10 da wuya ya tsallake.

Kenya ta ga wannan giɓi lokacin da take rubuta kundinta na 2010. A sashe na 20 ta rubuta ƙarara cewa idan gwamnati ta ce ba ta da kuɗin cika irin waɗannan haƙƙoƙi, ita ce za ta tabbatar da hakan, kuma wajen rabon dukiya dole ta kula da masu rauni. Ba a sa lamba ba, amma an juya nauyin.

A Najeriya gardamar ba ta ma kai wannan matsayi ba tukuna. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar a 1993, amma kundin 1999 ya ajiye ilimi da lafiya da muhalli a babi na biyu a matsayin manufofin gwamnati, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu tambayar ko an cika su. Sashe na 18 ma cewa ya yi za a ba da ilimi kyauta a lokacin da hakan zai yiwu, wato "a hankali" ba tare da mai riƙe agogo ba. Masu ƙara sukan zagaya ta yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda ta zama dokar ƙasa, kuma ta wannan hanya kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke a 2010, a ƙarar da SERAP, wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta Najeriya, ta shigar, cewa yaron Najeriya yana da haƙƙin ilimin tushe da za a iya nema a kotu.

Abin lura shi ne inda aka sami lamba a Najeriya, majalisa ce ta sa ta, daidai yadda O'Regan ta ce ya kamata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari don kulawar lafiya ta tushe. Waɗannan alkaluma ne da za a iya bin sawunsu shekara-shekara: an sa a kasafi, an saki, ya isa ina. A ɓangaren ilimi akwai sharaɗin cewa jiha sai ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na tarayya, kuma an sha ganin jihohi sun bar kuɗinsu jibge a Abuja shekara da shekaru saboda ba su ajiye ba. Gwamnan da kuɗin makarantun jiharsa ke kwance a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya, ga yara na karatu a ƙasa, ba zai iya cewa ya yi iyakar ƙarfin dukiyar da yake da ita ba, domin takardar da za ta ƙaryata shi tana ofishin hukumar, ɗauke da adadin da shekarar.